Gudu a bazara: busasshiyar riga ba hujja ba ce

Masu fita gudu a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, iskar Maris da Afrilu tana yaudararmu. Ta bushe ƙayau, gumi na tsatsowa tana shanyewa, sai mutum ya dawo gida riga a bushe ya ce yau bai jigata ba. Alhali ruwan ya tafi. Duba wuyan rigar, za ka ga gishiri ya kwanta fari.

Sikeli ne ke faɗin gaskiya. Hau kafin ka fita, ka sake hawa in ka dawo. Kowane kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Mai nauyin kilo 70 da ya dawo 68 da rabi ya zubar da fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, kuma daga nan ne zuciya ke ƙara bugu, ƙafa ta yi nauyi. Ba teɓa ya rage ba. Sai ya mayar da ruwan kaɗan-kaɗan cikin sa'o'i, da abinci mai ɗan gishiri, har fitsari ya daina ja.

Shi ya sa nake takaicin masu zura rigar leda ko jaket mai kauri wai don su narkar da kitse. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata, ita kuwa leda hana shi take yi. Riga mara nauyi, mai haske, sakakkiya, da hular hana sallah, sun isa.

Maganar lokaci kuma, ni ban yarda da gudun la'asar a bazara ba. Zafi na kai ƙarshe ne wajen biyu zuwa huɗu na rana, yakan haura digiri 40, kwalta kuma tana ci gaba da huci har bayan magariba. Daga idar da asuba zuwa hantsi kaɗai ake samun sauƙi.

Ko a lokacin ma, rabu da agogo. In a sanyi kana cin kilomita a minti 6, yanzu ka yarda da 6 da rabi ko 7. Ma'auninka numfashi: in ba ka iya faɗin cikakkiyar magana kana gudu, ka yi sauri da yawa. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, don haka a fara da rabin nisan da aka saba.

Ranar da ƙura ta rufe gari har rana ta koma fara, a haƙura, musamman mai asma. Takunkumin kyalle ba ya tare ƙura mai laushi, wahalar numfashi kawai yake ƙarawa.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko tashin tsigar jiki ana tsakar zafi, duk alamar tsayawa ce. In kuwa abokin gudunka ya fara tangaɗi ko sambatu, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi motar zuwa asibiti nan take.