Kalma ɗaya ta riƙe tirelar aya kwana tara a Maraɗi

Na daɗe ina duba wa 'yan kasuwa wasiƙunsu na Faransanci kafin su tura, kuma har yau ina kan bakana: kuskuren nahawu ba ya kashe ciniki. Ka manta wasalin da ake ɗora wa harafi, ka mai da kalmar mace ta namiji, mutumin Yamai ko Kwatano zai yi murmushi ya gane abin da kake nufi. Abin da ke ɓata ciniki shi ne kalmar da ka rubuta daidai, ba ko ɗigon kuskure, amma ma'anar da ke kanka ta Ingilishi ce. Faransawa na kiran irin waɗannan kalmomi "faux amis", wato abokan ƙarya. Mu da mun ce kama da wane ba ta wane.

A bara wani Alhaji da muke hulɗa a Kano ya sayi aya daga hannun wani dillali a Maraɗi, kaya na sefa miliyan 12. Ya biya miliyan 8, saura miliyan 4 aka yi alkawarin za su biyo baya kafin mota ta tashi. Sai banki ya kawo tsaiko. Alhaji ya sa ɗansa, wanda ya taɓa ɗan koyon Faransanci a sakandare, ya rubuta wa dillalin imel. Ga abin da yaron ya tura:

"Nous paierons éventuellement le solde. Actuellement, le délai vient de la banque."

A zuciyarsa cewa ya yi: ko ba jima ko ba daɗe za mu biya ragowar, kuma gaskiyar magana jinkirin daga banki ne. Abin da dillali ya karanta kuwa shi ne: wataƙila mu biya ragowar, a halin yanzu banki ne ke yanke wa'adi. Jimla biyu, tarko uku, yaro ya taka dukkansu.

Na fi jin tsoron "éventuellement" a kan sauran. Mai Ingilishi idan ya ce "eventually" ya ba ka tabbaci ke nan, abin zai faru, lokaci ne kawai bai sani ba. Mai Faransanci idan ya ce "éventuellement" ya janye tabbacin, yana nufin idan hali ya yi, idan buƙata ta taso, mai yiwuwa. Duka biyun daga tushe ɗaya suka fito a Latin, kalmar da ke nufin abin da ya auku, sai Ingilishi ya riƙe ɓangaren ƙarshen al'amari, Faransanci ya riƙe ɓangaren yiwuwa. To ka duba, mutum na bin ka miliyan 4, ka rubuta masa cewa biyansa abu ne mai yiwuwa. Dillalin nan bai yi faɗa ba, bai ma amsa ba. Ya dai ce wa direba kada ya kuskura ya tayar da mota. Kwana tara tirela na tsaye, Alhaji na nan yana mamakin me ya sa mutumin kirki ya juya masa baya. Da aka yi waya da Hausa, minti biyar aka warware. (Har gobe ina tambayar me ya hana su yin hakan tun farko. Amsar Alhaji ita ce yana son magana ta zama a rubuce.)

Idan kana nufin abu zai faru daga ƙarshe, akwai "finalement", akwai "à terme", akwai "tôt ou tard", ko ka ce "nous finirons par payer". Amma a maganar bashi ni ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ke jiran kuɗinsa rana yake son gani. Ga yadda na gyara wasiƙar:

"Nous réglerons le solde de 4 000 000 F CFA au plus tard le 15 mars. En fait, le retard vient de notre banque."

Ku lura "délai" ta koma "retard". "Délai" ce ta biyu a haɗari, domin ta yi kama da "delay" ta Ingilishi. Jinkiri a Faransanci "retard" ne. "Délai" kuwa wa'adi ne, tsawon lokacin da aka ɗiba don a yi abu. "Délai de livraison" ba ya nufin kaya sun makara, yana nufin kwanakin da aka amince kaya za su iso a ciki. "Dans un délai de 30 jours" na nufin cikin kwana 30. Idan ka rubuta "nous demandons un délai", roƙon ƙarin lokaci kake yi. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne akwai wurin da harsunan biyu suka haɗu: "sans délai" na nufin nan take, ba tare da ɓata lokaci ba. Mutum ya ga wannan sau ɗaya, sai ya ɗauka ko'ina haka ne.

"Actuellement" ba ta cika jawo asara ba, tona asiri take yi. Ta yi kama da "actually" ta Ingilishi, amma ma'anarta yanzu, a halin da ake ciki. Wanda yake son ya ce gaskiyar magana, ko ya gyara wa wani fahimta, "en fait" zai ce ko "en réalité". Gwajin da nake koya wa yara mai sauƙi ne: cire kalmar ka sa "en ce moment" a gurbinta. Idan jimlar ta zauna, ka yi daidai. Idan ka rubuta cewa kaya sun iso jiya "actuellement", ai ka ce yanzu sun iso jiya, kuma mai karatu ya san da wane harshe kake tunani. Haka za ka yi wa "éventuellement": sa "peut-être" a wurinta, ka tambayi kanka ko ka yarda a karanta maka wannan jimla a gaban shaidu.

Wani zai ce ai tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, me ya rage? Faransanci na nan a matsayin harshen aiki, kuma takardun banki, na kwastan da rasiɗan kamfanoni da shi ake cika su. Ga kuma Kwatano da Lome da Duwala, inda kayanmu ke sauka.

Sauran ƙananan na sa wasiƙa ta yi warin baƙunta ne kawai. "Adresser un problème" Ingilishi ne sanye da rigar Faransanci, "traiter" ko "régler" ake cewa. Jerin abubuwan da za a tattauna a taro "ordre du jour" ne, "agenda" littafin rubuta alkawura ne. "Supporter" jurewa ce, saboda haka "nous vous supportons" na nufin haƙuri muke yi da ku, goyon baya "soutenir" ne. "Je suis excité" kuwa, don Allah ku bar ta, kunne na iya kai ta ɗakin kwana. "Je suis ravi" ta wadatar.

Ɗaya ce cikinsu ba ƙarama ba. Biliyan ɗinmu, miliyan dubu, a Faransanci "milliard" ne. "Billion" nasu miliyan sau miliyan ne, ninki dubu na abin da kake nufi. Duk kwangilar da ta kai wannan adadi, ni da lambobi nake fara rubuta ta, sifili tara a ƙirge, sannan in bi da kalmar "milliard" a gefe.