Ranar da Malama ta kira mai tsire a Fatakwal

Da na kai autana aji ɗaya na firamare, aka miƙo min fom. Can ƙasa akwai gurbi biyu na wanda za a kira idan ta-ɓaci. Na farko na sa lambata. Na biyu na ce ai ba a tsallake manya, na rangaɗa ta Hajiya, mahaifiyata, wadda ke ƙauye, tafiyar awa uku daga Kano, wayarta kuwa a cikin kwalla take kwana.

Duk farkon shekarar karatu sai su turo fom a jakar yaro a sabunta, ni kuma in kwafe na bara ido rufe. Na manta sarai cewa wancan layin ya bi wayar da aka zare min a adaidaita sahu, na sayi sabo. Ashe layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, kamfani sayar wa wani yake yi.

Wata Talata da hantsi, gogan ya cusa ƙwayar wake a hanci. Malama ta kira lambar farko, wani mai tsire ya ɗauka daga Fatakwal. Ta ce, "Baban yaro, ka zo maza!" Ya ce, "Baiwar Allah, ni ko aure ban yi ba."

Ta koma kan Hajiya, sai a kira na bakwai aka ɗaga.

"Hajiya, jikanki ne, hancinsa..."

"Hatsi? 'Yar nan, ai tun kaka muka sayar."

Duk wannan bidiri, uwar yaron tana gida, tafiyar minti biyar, waya a hannu tana karɓar cinikin awara. Maigadi aka tura ya kirawo ta, aka kai yaron asibitin unguwa aka ciro waken. Kallon da na sha da yamma, ba sai na faɗa ba.

Washegari na je gyara. Ashe wuri uku lambar take: fayil ɗin ofis, rajistar malamar aji, da littafin maigadi na masu ɗaukar yara. Ka gyara ɗaya ka bar biyu, mai tsire zai sake shan kira. Na sa uwargida a farko, na biyu maƙwabcinmu tela mai babur, bayan na roƙi amincewarsa. Tawa aka maƙala a gefen takarda.

Hedimasta ya ƙirga ya ce, "Alhaji, goma ka rubuta, sha ɗaya ake so." Na cike. Ya ce bari ya gwada a gabana. Wayata ta yi ƙara, na duba, na ga baƙuwar lamba. Tunanina ya tafi kan masu bina bashi, sai kawai na katse.

Ya cire tabarau ya kalle ni, sannan ya ja layi a kan sunana.