NASIHA: Kafin ka tura saƙon "azumi na kashe ciwon daji", gyara shi

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Duk lokacin da Ramadan ya ƙarato, akwai wani saƙo da ke zagaya wayoyinmu, daga rukunin masallacin unguwa zuwa na ƴan kasuwa, har samarin fada su karanta wa juna ana jiran shayi. Lafazinsa na canzawa, amma ga yadda ya saba zuwa:

"Allahu Akbar! Wani likita ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya gano azumin Ramadan yana kashe kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin ciwon daji. Manzon Allah (SAW) ya ce: ku yi azumi ku samu lafiya. Tura wa mutum goma."

Mai turawa alheri yake nufi. Amma Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ba sai an jefar da saƙon ba, domin akwai gaskiya a cikinsa, kuma ta fi ƙarin da aka yi mata daɗin ji. Aikin shi ne a raba shi jimla-jimla, a tambayi kowace: wa ya faɗa, a ina, a kan me?

Mutumin dai akwai shi. Sunansa Yoshinori Ohsumi, ɗan Japan ne, kuma ya karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2016. Sai dai ba likita mai duba marasa lafiya ba ne, masanin ƙwayoyin halitta ne. Abin da aka ba shi kyautar a kai ana kiransa otofaji, wato yadda ƙwayar halitta ke narkar da sassanta da suka tsufa ko suka lalace ta sake amfani da su, kamar yadda maƙerin tukwane ke narka tsofaffin gwangwanaye ya zuba sabuwar tukunya. Yunwa na cikin abubuwan da ke tayar da wannan aiki, kuma daga nan ne masu saƙon suka tsallaka zuwa azumi. To amma da me ya yi binciken? Da yis, irin wanda ake sa wa ƙullin burodi. Shi ya hana wa abinci a ɗakin gwaji a farkon shekarun 1990, ya duba da madubin ƙara girma, har a 1993 ya fitar da ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su. Ba mutane ya sa azumi ba, ba Ramadan ya auna ba, ba kuma maganin daji aka ba shi kyauta a kai ba. Mai shakka ya rubuta `Ohsumi Nobel 2016` a wayarsa, ya buɗe shafin nobelprize.org ya gani da idonsa.

Sai kashi 90 ɗin. Duk lambar da ka gani a saƙo, yi mata tambaya uku: kashi 90 na su wa, mutum nawa aka gwada, wa ya ƙirga? Wannan ba ta amsa ko ɗaya. Kuskuren da masu son gyara suka fi yi a nan shi ne su sassauta ta, su mayar da ita "kashi mai yawa" ko "masana sun ce yana rage daji". Wannan da'awar farko ce aka sake wa riga. Lambar da ba ta da tushe cire ta ake yi ɗungurungum, a cike gurbinta da wadda ke da tushe, kuma ga su nan muna da su: 2016, 1993, 15. Ballantana alaƙar otofaji da daji ba hanya ɗaya ba ce. Yana iya kare ƙwayar halitta daga lalacewa, amma ƙwayoyin dajin da suka riga suka kafu su ma suna amfani da shi su rayu cikin ƙarancin abinci.

Cutarwar kuwa a gidajenmu take sauka. A ce wata baiwar Allah tana karɓar maganin daji, jiki ya yi rauni, likita ya ce ta sha ruwa ta ci abinci, sai ɗanta ya karanta mata saƙon nan. Ta ɗauki azumin awa 13 ko 14 a zafin Maraɗi tana ganin magani take sha, alhali Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Wanda ya tura bai san ta ba, amma da hannunsa a ciki.

Hadisin da aka liƙa a ƙarshe ma yana buƙatar dubawa, har ya fi. "Ku yi azumi ku samu lafiya" ya shahara a bakin mutane, amma malaman hadisi irin su Iraƙi da Albani sun raunana shi. Me zai kai mu gare shi ga ingantattu a hannu? "Azumi garkuwa ne" yana cikin Bukhari da Muslim. Ayar da ta wajabta azumi kuma, ta 183 a Baƙara, dalilin da ta ambata taƙawa ne.

Yanzu a sake ginawa. Abin da ya sa saƙon farko ya yaɗu shi ne mamaki, da sunan wani baƙo, da gajarta. A bar masa ukun nan:

"Ko ka san jikinka na da masu shara a cikinsa? A 2016 an ba wani masani ɗan Japan, Yoshinori Ohsumi, kyautar Nobel saboda ya gano yadda ƙwayar halitta ke narkar da lalatattun sassanta ta sake amfani da su, musamman idan abinci ya yi ƙaranci. Kuma da yis na burodi ya gano haka! Tsarki ya tabbata ga Wanda ya halitta. Bincikensa ba a kan Ramadan ba ne, bai kuma ce azumi na warkar da daji ba. Mu muna azumi ne don Allah ya ce: domin ku samu taƙawa (Baƙara 183). Mara lafiya ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka."

Ku lura da inda aka ajiye togaciyar. Tana tsakiyar saƙon, manne da labarin, ba can ƙasa ba. Mutane na yanke saƙo ko su ɗauki hoton samansa kawai su tura, don haka abin da aka bari a layin ƙarshe shi ke fara ɓacewa. An kuma buɗe da tambaya maimakon "masana sun tabbatar", domin tambaya na jan hankali ba tare da ta yi alkawarin da ba za ta cika ba. "Tura wa mutum goma" an cire shi, don yana sa gaggawa, ya hana mutum tsayawa ya duba.

Wanda ya riga ya tura na farkon fa? A WhatsApp ana iya gyara rubutu cikin minti 15, ana iya goge shi ga kowa cikin kamar kwana biyu. In lokaci ya wuce, ya koma kowane rukuni da ya tura, ya danna amsa a kan tsohon saƙon don gyaran ya fito manne da shi, ya rubuta: "Ƴan uwa, wannan lambar ba ta da tushe, hadisin ma mai rauni ne, ga ingantaccen bayani." In kuwa babba ne ya tura, malami ko dattijon unguwa, a bi shi ta gefe: "Malam, Allah ya gafarta, na duba saƙon nan, ga abin da na samu," a haɗa masa da gyararren don shi ya saka da hannunsa.