Man suyar da muke tuttulawa a kwata

Makon jiya bututun wanke-wanken gidanmu ya toshe, karo na biyu a shekarar nan. Da mai gyaran famfo ya kwance gwiwar bututun, sai ga wani abu fari-fari mai ruwan toka ya liƙe cikinsa kewaye, ramin da ya rage ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Na sa tsinke na taɓa, na ji shi da tauri kamar kyandir, yana marmashewa, ga tsami mai hawa kai. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, man suya ne wannan, a nan kuke juye kasko." Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa.

Da yawanmu muna ɗauka tunda mai ruwa-ruwa ne, zai bi ruwa ya wuce. Ba ya wucewa. Da zafinsa yake shiga, amma ko taku biyu bai yi ba zai haɗu da sanyin bututu ya yi kauri ya manne a jikinsa. Duk wadda ta ga yadda manja da kakide suke barci da hunturu ta san abin da nake nufi. Daga nan ƙwayar shinkafa, gashi, yashi da ɓarɓashin ƙosai duk su riƙa maƙalewa a kai.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan. Man da aka daɗe ana suya da shi, zafi da damshin abinci sun riga sun farfasa wani sashe nasa ya zama mai tsami. Wannan sashen idan ya gamu da sinadarin kalsiyam, wanda yake cikin ruwan rijiya mai wuyar kumfa da kuma jikin siminti, sai su haɗu su zama wani irin sabulu da ba ya narkewa a ruwa. Shi ne farin abin nan mai tauri. Irinsa aka tarar a ƙarƙashin unguwar Whitechapel ta Landan a 2017, dunƙule guda mai nauyin kusan tan 130, tsawonsa mita 250, mai da tsummokin goge jiki sun cure wuri ɗaya. Mu nan da sokawe muka dogara, ɓarnar ta fi kusa da mu: man yana toshe ƙofofin ƙasar da ke tsotse ruwa, sai ramin ya riƙa cika da wuri, a yi ta kiran motar kwasa. Bin sa da tafasasshen ruwa kuwa tura shi gaba kawai yake yi, ya je ya daskare inda hannu ba ya kaiwa.

To tunda man nan sabulu zai zama ko mun so ko mun ƙi, ni a ganina gara ya zama a bokitina, irin wanda zan wanke tukunya da shi. Kakanninmu da ruwan toka da mai suke yin sabulun salo, hikimar ɗaya ce, mu dai kostik soda, wato soda mai cin fata ta yin sabulu, muke sawa a madadin toka.

Ga yadda na yi da man da na tara, nawa da na maƙwabciyata mai tuyar awara. Na bar shi ya kwana biyu gari ya kwanta, na tace da tsumma mai laushi. Sai na zuba masa ruwan zafi daidai yawansa da ɗan gishiri, na motsa sosai na ajiye. Washegari mai ya taso sama, baƙin ruwa ya kwanta ƙasa, na kwashe man a hankali. Kada a bar ruwa a cikinsa, don zai ɓata awo.

Awon nan shi ne komai, kuma da sikeli ake yinsa, ba da gwangwani ba. Lita ɗaya ta mai ba ta kai kilo ɗaya ba, wajen giram 920 ce. Na auna giram 800 na man suyar, wanda man gyaɗa ne, na ƙara giram 200 na kakide, saboda man gyaɗa shi kaɗai sabulunsa laushi gare shi, yana saurin zagwanyewa. Kowane giram 100 na man gyaɗa yana cin soda kusan giram 13.6, na kakide kusan 14. Lissafin ya ba ni 137, sai na rage na tsaya a giram 130, don kada soda ta yi saura ta ci hannun mai wanki. Ruwa kuma giram 300, mai sanyi.

Don Allah a kula da wannan wurin. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana motsawa, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana iya tafasa ta fallatso. Ruwan zai yi zafi da kansa ya fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, saboda haka a tsakar gida ake yi, da safar hannu ta roba da abin kare ido, yara kuma a kore su nesa. Kada a kuskura a sa tukunyar dalma, soda tana cin ta. Bokitin roba mai kauri ya wadatar. In ta taɓa fata, a yi ta kwarara ruwa na tsawon lokaci. In ido ne, a wanke haka nan a wuce asibiti.

Da ruwan sodar ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, man ma ɗumi, sai na tsiyaya shi cikin man ina juyawa da muciyar da na ware don wannan aikin kaɗai. Ni ya ɗauke ni kusan minti arba'in. Alamar ya yi ita ce ya koma kamar talge, in kin ɗaga muciya kika ɗiga a kai, sawun ya tsaya bai nutse nan take ba. Na juye a kwali da na shimfiɗa wa leda, bayan kwana biyu na yayyanka, na jera a inuwa inda iska ke ratsawa. Sati huɗu zuwa shida yake so kafin a fara amfani da shi, a nan ne masu gaggawa suke ƙona hannu.

Sabulun da kansa zai gaya miki kuskurenki. In ya fito da gautsi yana farfashewa, yana sa hannu zafi ko bayan sati shida, soda ta yi yawa. In ya ƙi tauri yana zubar da mai, ko soda ta gaza, ko ta sha iska ta jiƙe tun a leda, ko an gaji da juyawa da wuri. Farin garin da ke fitowa a samansa ba komai ba ne, a goge shi kawai.

Ban yarda da masu sa masa turare da kala su sayar a matsayin sabulun wanka ba. Na wanki ne da wanke-wanke, nan ya kamata ya tsaya. Man da aka soya kifi da shi ƙarninsa ba ya fita duka, wanda kuma ya yi baƙi ƙirin yana danƙo ba na wahalar da kaina a kansa, a gora nake rufe shi ya bi shara. Kaskon ma yanzu sai na goge shi da takarda kafin ya je wurin wanke-wanke, jarkar tarin kuma tana nan gefen murhu, ta kusa rabi.