Kafin ka rubuta "kisan ƙare-dangi", ka san abin da alƙali zai tambaye ka

Daren jiya a fadarmu, shayi na biyu bai sauka ba wani ƙanena ya miƙo mini waya. Hoton gawarwaki ne jere a ƙarƙashin bishiya, daga wani ƙauye na tsallaken iyaka inda 'yan bindiga suka shiga. A ƙasan hoton ya riga ya rubuta "kisan ƙare-dangi", yatsansa na kan wurin turawa. Na ce ya dakata. Ya dube ni kamar na ce ran mutanen nan ba a bakin komai yake ba. Ba haka ba ne, ƙanena. Mu mutanen Maradi mun ga matan da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da goyo a baya suka sauka yankin Gidan Runji, mun san abin da mutanen Madarumfa ke kwana da shi. Amma wannan kalma da kuke jefawa kan kowane kisa mai yawa tana da ma'ana a shari'a, ma'anar kuwa ƙunci gare ta fiye da yadda kuke zato, kuma wanda ya ɗora ta inda ba ta zauna ba, waɗanda yake son taimako su yake cuta.

Yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 9 ga Disamba 1948 ta lissafa ayyuka biyar: kisa, mummunar illa ga jiki ko hankali, jefa mutane cikin halin rayuwar da aka shirya don su ƙare, hana su haihuwa, da kwashe 'ya'yansu a kai wa wata al'umma. Amma aikin shi kaɗai bai isa ba. Dole ya zama an yi shi da niyyar shafe wata al'umma, dukanta ko wani sashe nata, saboda ita ce ita: al'ummar ƙasa, ko ƙabila, ko launin fata, ko addini. 'Yan jam'iyyar siyasa ba sa cikin lissafin. Laifin cin zarafin bil'adama kuwa, kamar yadda ya zo a sashe na 7 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wato ICC, ba ya neman wannan niyya. Abin da yake nema shi ne a nuna an kai wa farar hula farmaki mai faɗi ko mai tsari, kuma wanda ake tuhuma ya san aikinsa yana cikin farmakin. Gawa ɗaya ce, kabari ɗaya ne, abin da ya raba laifukan biyu yana cikin zuciyar mai kisan. Tun muna makarantar allo muka haddace cewa ayyuka da niyya suke. To alƙali ba ya tsaga ƙirji. Da me zai ga niyyar?

Bari in ba ku labarin mutum biyu daga yaƙin Bosniya, don su suka gyara mini tunani lokacin da nake karatun shari'a.

Na farko Goran Jelisić. A watan Mayun 1992 yana aiki a sansanin tsare mutane na Luka, a garin Brčko. Da bakinsa yake kiran kansa "Adolf na Sabiyawa", wato Hitler ɗinsu. Shaidu sun faɗa wa kotun duniya ta tsohuwar Yugoslabiya cewa yana cewa ya tsani Musulmi, so yake ya kashe su duka, har yana alfaharin cewa sai ya kashe ashirin ko talatin kafin ya sha kofin safe. Ya amsa laifin kisa da kansa. In da a fadarmu aka yi shari'ar, kafin shayi na uku mun gama: ga kisa, ga furuci, me ya rage? Amma a 1999 kotun ta wanke shi daga kisan ƙare-dangi, ta kama shi da cin zarafin bil'adama da laifukan yaƙi, ta ɗaure shi shekara 40. Dalilinta shi ne kisan nasa ba kai ba gindi, yau ya kashe wannan, gobe ya rubuta wa wancan takardar wucewa ya sake shi, saboda haka ba a tabbatar da tsayayyar niyyar shafe al'umma ba. Alƙalan ɗaukaka ƙara a 2001 sun ce an yi kuskure wajen yanke maganar da wuri haka, amma ba su mayar da shari'ar baya ba. Ni ma hukuncin farko bai kwanta mini ba, gaskiya. Mutum yana iya zama mai taɓin hali kuma yana da niyya. Sai dai ku lura da abin da ya faru: ko furucin baki bai wadatar kai tsaye ba.

Na biyu Janar Radislav Krstić, kwamandan rundunar Drina ta sojojin Sabiyawan Bosniya. A watan Yulin 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya suka kama Srebrenica, garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun mun tsira. Suka ware maza daga mata. Mata da yara ƙanana da tsofaffi, kimanin dubu 25, aka zuba su cikin motoci aka kai su yankin da gwamnatin Bosniya ke riƙe da shi. Maza da samari, tsakanin dubu 7 zuwa dubu 8, aka kashe cikin 'yan kwanaki.

Lauyoyin Krstić suka kawo hujjar da duk mai hankali zai tsaya ya saurara. Suka ce in da niyyar shafe Musulmi ce, me ya sa aka sa wa mata motoci? Wanda yake son ƙarar da dangi ai ba ya barin masu haihuwa. Maza masu iya ɗaukar bindiga aka kashe, wannan kawar da barazanar yaƙi ce. Mummunan laifi ne, amma ba ƙare-dangi ba.

Kotu ba ta da wata takarda da aka rubuta "a shafe su". Sai ta bi sawu, yadda mai kiwo ke gane inda ɓatacciyar saniya ta bi. An kashe mazan ba tare da tantance soja da farar hula ba, har da yara samari da dattawan da sun wuce shekarun yaƙi. Kisan dubbai cikin kwanaki yana buƙatar motoci da mai da injinan haƙa rami, wannan kuwa shiri ne, ba fushin lokaci ɗaya ba. Bayan wata biyu zuwa uku aka tono gawarwakin aka sake binne su a wasu wurare don ɓoyewa. Sannan ga abin da kowane Bahaushe zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba: a al'ummar da gida ke tsaye kan namiji, in ka kashe mazan gari kaf ka kori matan, garin ya mutu ko da matan suna numfashi. Da wannan kotu ta ce an yi kisan ƙare-dangi a Srebrenica, ta yanke wa Krstić shekara 46 a 2001.

Ba nan ta tsaya ba. A 2004 alƙalan ɗaukaka ƙara suka ce eh, an yi kisan ƙare-dangi, amma ba a tabbatar Krstić shi kansa yana da niyyar ba. Abin da aka tabbatar shi ne ya san niyyar wasu manyan hafsoshi, kuma ya bari aka yi amfani da mutanensa da kayan rundunarsa. Sai laifinsa ya koma taimaka wa kisan ƙare-dangi, ɗaurin ya sauko shekara 35. Wato tambaya biyu ce: an yi laifin a wurin? Sannan wannan mutumin da ke tsaye gaban kotu, mene ne a zuciyarsa shi?

Ma'aunin da kotunan suka tsaya a kai mai tsauri ne. In daga yanayin ayyuka za a fitar da niyyar, to dole ya zama ita kaɗai ce fassarar da hankali zai ɗauka. In akwai wata, kamar korar mutane daga ƙasarsu, ko murƙushe tawaye, ko kwasar dukiya, tuhumar ta faɗi. Shi ya sa Kotun Duniya ta Hague mai shari'a tsakanin ƙasashe a 2007 ta ce duk kashe-kashen Bosniya, a Srebrenica kaɗai niyyar ta tabbata.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Kwamitin binciken Darfur ƙarƙashin Antonio Cassese, a rahotonsa na Janairun 2005, ya kawo labarin wa da ƙane. 'Yan Janjawid sun kwashe wa wan raƙuma 200, bai yi gardama ba, suka doke shi da gindin bindiga suka bar shi da ransa. Ƙanen raƙumi ɗaya gare shi, ya ƙi saki, suka harbe shi. Kwamitin ya ce da niyyar shafe ƙabilar ce, da wan ma bai tsira ba. Ya yanke cewa gwamnatin Sudan ba ta bi manufar ƙare-dangi ba, amma ya ce laifukan da aka yi ba lalle su gaza shi muni ba. Wannan rabi na biyun kusan kowa ya manta da shi. Kotun ICC ma da ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir a Maris 2009 ba ta sa ƙare-dangi ba, sai a sammaci na biyu a Yulin 2010, kan ƙabilun Fur da Masalit da Zagawa. Sammaci kuwa zargi ne, ba hukunci ba.

Yanzu ka koma kan hotonka. Wa aka kashe, wa aka bari? An kora shanu? An ɗauki wasu don kuɗin fansa? Wanda ya sace mutum yana jiran a biya shi, so yake ƙauyen ya rayu ya ci gaba da biya. Azzalumi ne, in kuma farmakin ya yi faɗi ko yana da tsari, kuma akwai ƙungiya mai manufa a bayansa, zancen cin zarafin bil'adama ya taso. Hissène Habré, tsohon shugaban maƙwabciyarmu Cadi, ɗaurin rai-da-rai aka yi masa a Dakar ranar 30 ga Mayu 2016 kan cin zarafin bil'adama da laifukan yaƙi da azabtarwa. Ba ƙare-dangi a cikin hukuncin, kuma a matsayin fursuna ya mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. In ka ce ƙare-dangi, mai karantawa yana jin cewa wata ƙabila sukutum ta tashi shafe tasa, alhali kotu mutum ɗaya-ɗaya take kamawa. Gobe a kasuwar dabbobi zai dubi makiyayin da bai san hawa ba bai san sauka ba da wannan idon. Ran da masu bincike kuma suka ce niyyar ba ta tabbata ba, masu kisan su yi ta murna kamar an wanke su, dangin mamata su ji an ƙaryata su.

Na ce wa ƙanena in har yana da wanda ya tsira daga ƙauyen, ya bar sunan laifin, ya tambayi abin da alƙali zai tambaya: ranar da sa'ar, su nawa ne, me suka faɗa da bakinsu lokacin da suke harbi kalma da kalma, ko sun tambayi ƙabilar mutum kafin su kashe, ko sun tsallake wasu gidaje, ko sun taɓa jarirai. Ya rubuta yadda aka faɗa masa, kada ya ƙara gishiri. A shari'ar Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba na Ruwanda, wanda kotun duniya ta Ruwanda da ke Arusha ta kama da kisan ƙare-dangi ranar 2 ga Satumba 1998, irin waɗannan shaidu ne suka yi aiki: 'yan Tutsi ake zaɓa, har jarirai da mata masu ciki.

Ya goge kalmar, ya rubuta sunan ƙauyen da adadin da aka binne. Bai daina hararata ba, amma ya ce da safe zai kira ɗan'uwan mahaifiyarsa da ke can ya tambaye shi ko maharan sun yi magana.