Minti Ashirin a Ofishin Alhaji

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma a tsawon wannan lokaci abin da na sani game da shinkafa bai wuce yadda ake haɗa ta da wake da mai da yaji ba. Sai dai tun daga watan Agustan 2019, lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa har hanyar Jibiya ta yi tsit, na riƙa ganin injinan casar shinkafa suna tsirowa nan da can, kuma zuciyata ta soma raya mini cewa idan na kwashi adashinmu na malamai, a can ya kamata in zuba shi. Mai ɗakina, wadda ta fi ni hankali a kan duk abin da ya shafi kuɗi, ta ce kafin in taɓa ko sisi sai in sami wanda ya tsufa a harkar in ji ta bakinsa. Kawunta da ke Ƙofar Marusa ya ba ni lambar wani Alhaji, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda yake shugabantar wani kamfanin casar shinkafa a bayan gari, ya kuma yi mini izini in ambaci sunansa.

Saƙona na farko, in faɗi gaskiya, takardar jarrabawa ce. Na fara da gaisuwa mai sakin layi biyu, na kawo asalina da makarantun da na yi, na bayyana ra'ayina a kan noman rani a madatsar Zobe, sannan a can ƙarshe na rubuta cewa ina son in zo mu tattauna a kan harkokin rayuwa. Mako biyu ban ji ko tari ba. Da na nuna wa wani matashin malami da muke zaune a ofis ɗaya, wanda ya taɓa aiki a banki, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce duk babban mutumin da ya ga dogon saƙo daga baƙuwar lamba, kuma aka rufe shi da harkokin rayuwa, abu biyu kawai zai kawo a ransa, ko neman aiki ko neman taimako. Ya ce irin wannan roƙo yana da ƙa'ida: a faɗi ko wane ne kai da wanda ya turo ka, a faɗi dalilin da ya sa shi ka zaɓa, a yanke lokaci kaɗan kamar minti ashirin don ya san iyakar abin da zai rasa, kuma a taƙaita.

Daga cikin nasihar nan kaf, kalmar taƙaitawa ce kaɗai ta zauna mini a kai. A daren na sake rubutawa, na yi ta yanka kamar mahauci a jajibirin Sallah, har saƙon ya dawo layi biyu, kuma saboda sabon da na yi da gajerun alamomi a kan allo, na rubuta cewa ni surukin wane ne, ina sha'awar shiga harkar shinkafa, kuma ina neman alfarmar `20m` daga wurinsa a duk ranar da ya sami hali. Na karanta sau uku, na yaba wa kaina, na tura.

Wannan karon amsa ba ta yi jinkiri ba, sai dai ba ta hannuna ta biyo ba. Washegari bayan Magariba Kawu ya aiko yaro a kan babur cewa yana nemana yanzu-yanzu. Na iske shi a zaure a kan buzunsa, ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Malam, ashe haka kake? Na ba ka lambar mutum don ka nemi shawara, sai ka buɗe baki ka nemi miliyan ashirin? Ni da na shekara hamsin tare da shi ban taɓa tambayarsa ko kuɗin goro ba." Na rantse, na fito da waya, na nuna masa cewa harafin nan minti nake nufi da shi. Kawu ya kawo wayar kusa da fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi bai yi boko mai zurfi ba, amma ko a kasuwar Charanci aka rubuta wa ɗan kasuwa haka, kuɗi zai karanta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ko a lissafin da nake koyarwa, wannan harafi mita yake nufi, don haka ko ta fuskar sana'ata ban tsira ba.

Saƙo na uku a gaban Kawu aka rubuta shi, yana faɗa ina gyarawa, kuma har yau yana cikin wayata: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne malamin makarantar da ya yi kuskuren rubutu jiya, ina neman afuwa. Ba aiki nake nema ba, ba rance ba, ba jari ba. Minti ashirin na agogo nake roƙo, in yi muku tambayoyi uku a kan sayen shanshera da casarta, domin an shaida mini kun daɗe a harkar. Duk ranar da ta yi muku daidai bayan La'asar zan zo." Kafin in kai gida amsa ta shigo, kalma uku rak: Talata, ƙarfe biyar.

Na yi alƙawarin tambaya uku, amma zuwa daren Litinin takardata tana ɗauke da talatin da ɗaya, har da ƙananan rassa na (a) da (b). Mai ɗakina ta karɓi biro ta soke duk wadda ta ce ko mai gadin kamfanin zai iya amsa mini ita, irin su nawa ake sayar da buhu da kuma ƙarfe nawa ake buɗewa. Ta bar mini uku: a ina sabon shiga ya fi yin asara, me Alhaji zai yi dabam da yau zai fara, da kuma wa ya kamata in gani bayansa.

Ranar Talata na isa tun huɗu da rabi, na zauna a benci ina shaƙar ƙurar ɓuntu har farar shaddata ta koma ruwan ƙasa. Da aka shigar da ni, na durƙusa na gaishe shi, na kuma yi abin da a lokacin na ɗauka cika alƙawari ne: na saita ƙararrawar waya a kan minti ashirin, kamar yadda nake yi idan ina kula da jarrabawa, na jefa ta aljihu. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne gaisuwa. Alhaji ya tambayi gajiya, da iyali, da ɗalibai, da ƙafar Kawu da take damunsa, da ruwan bana, sannan ya yi dariyarsa mai isarsa a kan miliyan ashirin, har ya kira akawunsa ya nuna masa ni. Ina murmushi ina lissafi a zuci, minti bakwai sun tafi ban ji komai a kan shinkafa ba.

Da na samu na jefa tambayar farko, sai fuskarsa ta canza, ya jawo wani faranti mai shanshera daga gefen tebur. Ya ce yawancin sababbin shiga hankalinsu yana kan inji, alhali tun a wurin saye ake karya su, domin ruwa suke saye da kuɗin shinkafa. Shansherar da aka girbe ba ta gama bushewa ba tana iya ɗauke da danshi kashi 20 cikin ɗari, ita kuwa ba ta ajiyuwa, ba ta kuma casuwa da kyau, sai danshin ya sauka wajen kashi 14. Ya ce tunda ni malamin lissafi ne in faɗa masa abin da buhu mai kilo 100 zai koma. Na zana a bayan takardar tambayoyina: busasshen abin da ke ciki kilo 80 ne, a raba da 0.86, ya ba da kilo 93. Ya ce to kilo bakwai ke nan rana ta sha, tun ba a yi maganar tsakuwa da ƙasa da ƙaiƙayin da aka auna mini a matsayin shinkafa ba. Bayan an turara, an shanya, an cashe, ɓuntu kaɗai yana ɗauke kusan kashi ɗaya cikin biyar, dusa ta ɗauki nata, abin da zai rage yakan tsaya tsakanin kashi 60 da 65, kuma a cikinsa ma akwai karyayya wadda ba ta kai farashin mai tsawo ba. Ya miƙo mini ƙwaya ɗaya ya ce in ciza: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa a haƙori akwai sauran ruwa, ko da yake su a kamfani da na'urar auna danshi suke dogara. Na ciza da ƙarfin hali irin na mai son burge babba, sai na dace da tsakuwa.

Ina dafe da muƙamuƙi na yi tambaya ta biyu. Alhaji ya gyara zama, ya rage murya, ya ce da yau zai fara da ɗan kuɗi irin na adashi, ba zai sayi inji ba sam, abin da zai yi shi ne... Daidai nan ƙararrawar ta ɓarke a aljihuna, kuma bakina, wanda ya shekara goma sha huɗu yana amsa wannan ƙara da jimla ɗaya, bai nemi shawarata ba. Na ji kaina na ce da ƙarfi, "Lokaci ya cika, kowa ya ajiye biro!"

Akwai biro a hannun Alhaji, kuma ya ajiye shi. Akawu ya fita da gudu yana toshe baki. Na soma ba da haƙuri ina laluben wayar, wadda ta maƙale a aljihun ciki tana ci gaba da kururuwa, shi kuwa Alhaji ya yi dariya har ya cire hula ya share hawaye. Ya ce mutane da yawa sun roƙe shi minti biyar sun cinye masa yini, amma bai taɓa ganin wanda ya zo neman shawara ya kuma tsayar da mai ba shi ba. Na ce ranka ya daɗe a ƙarasa maganar, ya ce a'a, alƙawari kaya ne, ni na ce ashirin, kuma ga baƙi daga Funtuwa suna jira a waje. Da ƙyar na cusa tambaya ta uku ina tsaye a bakin ƙofa, ya rubuta mini lambar mutumin da yake saya musu shanshera a ƙauyuka, ya ce in bi shi kasuwa sau biyu ko uku in ga yadda ake soka buhu a duba tsakiyarsa kafin a yi ciniki.

A daren na tura saƙon godiya, na ambaci lissafin kilo 93 don ya san na riƙe, na kuma roƙi ƙarashen jimlar da na katse. Ya amsa cewa idan na dawo daga kasuwa in nemi wani lokacin, amma in rubuta shi da kalmomi, kuma in bar wayata a hannun mai gadi. Na bi mai sayen shansherar kasuwa sau biyu, haƙorin da ya ci karo da tsakuwa har yanzu ba ya son ruwan sanyi, a Ƙofar Marusa kuwa ko yaran gidan Kawu idan sun hango ni sai su ruga ciki suna cewa ga Malam Miliyan Ashirin nan ya zo.