Wasiƙar neman tallafi ba ta buƙatar shafi uku

Ina da ƙorafi a kan yadda ƙungiyoyin ci gaban ƙauyukanmu ke rubuta wa masu hali wasiƙar neman tallafi, kuma da kaina zan fara, don ni ma na yi kuskuren.

Bara famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu, a wani ƙauye na ƙasar Ringim, ya tsaya. Fayif ɗin ciki ya yi tsatsa ya huje, sai a yi ta tuƙi ruwa bai hau ba. Da yake ni ne magatakardan ƙungiya, aka ce in aika imel ga wani ɗan asalin yankinmu da ke kasuwanci a Kano. Na zauna na cika shafi uku. Na fara da kirari, na kawo tarihin garin, na koka da talauci, sannan na jero buƙatu: ruwa, rufin aji biyu, magani a ɗakin shan magani, har da hanya. Ban faɗi ko naira nawa muke nema ba, don a ganina rashin kunya ne ka yanka wa babba kuɗi. Wata biyu shiru.

Wani kawuna da ya daɗe yana aikin ruwa a karkara ya karanta, ya ce, “Ɗana, in kai ne Alhaji, me za ka yi da wannan takarda? Nawa za ka bayar, wa za ka ba, yaushe za ka ga aikin?” Ban iya amsa ko ɗaya ba.

Ra'ayina tun daga ranar shi ne, doguwar wasiƙa wahalar da mai bayarwa take yi, ko da mu muna ganin girmamawa ce. Mutumin nan a waya zai karanta, wataƙila a shago ko cikin mota, kuma ba mu kaɗai muka rubuto masa ba. Ga 'yan damfara sun ɓata hanya, su ma da kuka da kirari suke zuwa. Abin da zai bambanta mu da su shi ne maganar da zai iya bincikawa da kansa.

Ga ta biyun da muka aika. A layin take na sa: Neman ₦480,000 don gyaran famfon ruwa na gida 86.

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne magatakardan ƙungiyar ci gaban garinmu, kuma dagaci ne ya ba ni adireshinka. Famfon tuƙa-tuƙa da gida 86 ke sha ya lalace wata huɗu ke nan, yara suna tafiyar kusan kilomita biyu ɗebo ruwa kafin makaranta. Mai gyara ya duba, ya tabbatar rijiyar tana da ruwa, kayan ciki ne suka mutu. Aikin zai ci ₦620,000. Mun yi karo-karo mun tara ₦140,000, muna roƙon cikon ₦480,000. Za a gama cikin mako biyu da samun kuɗin. In ka fi so, ka biya mai sayar da kayan kai tsaye. Bayan gyara kowane gida zai riƙa ba da ₦200 a wata don kada mu sake dawo maka da wannan buƙata. Na haɗa da takardar kiyasi, hotuna uku da takardar rajistarmu. Za mu so ka turo wanda ka yarda da shi ya gani da ido. Allah ya saka da alheri.”

Shi ke nan, sai sunana da lambar wayata da ta dagaci a ƙasa.

Ku dubi gida 86 ɗin nan. A wasiƙar farko cewa na yi “dubban al'umma”, kuma ba ƙarya na yi niyya ba, haka dai muka saba magana. Amma wanda ya san ƙauye ya san famfon hannu ɗaya ba ya shayar da dubbai, da zarar ya ga haka sai ya fara shakkar sauran maganar. A karo na biyu mai unguwa da matasa biyu suka bi gida-gida suka ƙirga. Ƙaramin adadi na gaskiya ya fi ƙarfi, domin in an turo mai dubawa, abin da zai tarar ke nan.

Haka ma kuɗin. Takardar kiyasin ta rarraba shi: fayif da rodi ₦330,000, silinda ₦110,000, siminti da yashi na gyaran dandamali da magudana ₦90,000, ladan mai gyara ₦90,000. Wanda ya ga haka zai iya buga waya kasuwa ya ji farashi cikin minti biyar, kuma so muke ya buga. Mun kuma rubuta ranar da aka yi kiyasin, saboda farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya, kiyasin wata uku baya yana iya barin aiki a rabi. Ina roƙon 'yan'uwa magatakarda, kada ku ƙara wani abu a kai wai don a rage. Ciniki daban, amana daban.

Layin da na fi jin nauyin rubutawa shi ne na ₦140,000, don gani nake ta yi kaɗan a gaban mai kuɗi. Kawu ya ce ita ce zuciyar wasiƙar. Ta nuna mutanen garin sun ɗauki famfon nasu ne, kuma wanda ya sa kuɗinsa a abu ba ya zuba ido ya lalace. Duk wanda ke yawo a karkarar Jigawa da Kano ya ga matattun famfuna da allon sunan mai bayarwa a gefensu. Mai bayarwa ma ya gansu, shi ya sa maganar ₦200 a wata take da amfani. Gida 86 zai tara ₦17,200 duk wata, ya isa sayen roba da ƙananan kaya kafin ɓarna ta yi girma.

Sai wurin ajiyar kuɗi. Kada ka sa lambar asusunka na kanka, ko da duk garin sun san kai mai gaskiya ne, mai bayarwa bai sani ba. Asusun ƙungiya ake so, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Ni ma ban sa lambar asusu a wasiƙar ba, sai da Alhaji ya tambaya.

Wannan salon yana da iyaka. Ga ɗan gari ko ɗan kasuwa, rajistar ƙaramar hukuma da shaidar dagaci kan wadatar. Manyan masu tallafi kuwa, irin shirin ofishin jakadancin Japan a Abuja na ƙananan ayyukan al'umma, suna da fom ɗinsu da lokacinsu, kuma da yawa sukan nemi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa. A can imel ɗinka tambaya ce kawai: ko aikinmu ya dace da shirinku, ta ina ake nema?

Bayan kwana goma da aika wasiƙa ta biyu ba amsa, na aika layi biyu na tuni cikin ladabi, ban sake maimaita kukan ba. Washegari Alhaji ya turo yaronsa. Ya tuƙa famfon da hannunsa, ya zauna da mai gyara, ya nemi ganin littafin karo-karo. Kayan kawai Alhaji ya saya, ₦440,000, ragowar ₦40,000 muka sake bin gidaje muka cika. Ranar da ruwa ya hau na aika masa hoton yara a bakin famfo da rasit na kowane kaya, kuma duk ƙarshen wata uku ina tura masa hoton shafin littafin ₦200 ɗin nan, ko bai tambaya ba.